Taimakon Gaggawa a Wurin Aiki: Akwati Nawa, Mutum Nawa, Wa Ke Riƙe da Makulli?

Ranar 12 ga Yuni, 2021, ana gab da tafiya hutun rabin lokaci a wasan Denmark da Finland a birnin Copenhagen, Christian Eriksen ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Zuciyarsa ce ta tsaya. Kafin 'yan kallo su gama gane abin da ke faruwa, ma'aikatan lafiya sun iso kansa, sun shiga danna masa ƙirji, sun manna masa na'urar farfaɗo da zuciya. Bugu ɗaya na'urar ta yi, zuciyar ta ci gaba da aiki. Bayan wata takwas ya koma taka leda.

Wata goma sha biyar kafin wannan, ranar 8 ga Maris, 2020, Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a filin wasa na Lafiya ana karawa da Katsina United. Jaridu sun ruwaito cewa motar ɗaukar marasa lafiya da aka ajiye a filin ta ƙi tashi. Bai rayu ba. Rai da ajali na Allah ne, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa da an yi kaza da ya tashi. Abin da ido ya gani dai shi ne, mutum biyu sun faɗi a bakin aikinsu, ɗaya ya tarar da shiri yana jiransa, ɗaya bai tarar ba.

Filin ƙwallo wurin aiki ne kamar masaƙa, ko garejin kanikawa, ko ofishin banki. Kuma abin da ake kira taimakon gaggawa bai wuce cike giɓin da ke tsakanin faruwar tsautsayi da isa hannun likita ba. Giɓin nan gajere ne ƙwarai. Ƙwaƙwalwar da jini ya daina isa gare ta takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Wanda babbar jijiyar jini ta tsinke masa a cinya ko a hannu yana iya zubar da jinin da zai kashe shi cikin 'yan mintoci. Duk wanda ya san cunkoson hanyar da ta taso daga Sharaɗa ko Challawa zuwa asibitin Murtala da yamma ya san cewa ba motar da za ta kai mutum cikin wannan lokaci. Saboda haka wanda zai ceci ma'aikaci, in da sauran kwana, abokin aikinsa ne da ke tsaye kusa da shi.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta yi magana a kan wannan a sashe na 43. Ta wajabta wa kowace masana'anta ajiye akwati ko kabad na taimakon gaggawa a inda hannu zai kai gare shi nan take. Idan ma'aikatan da ke bakin aiki a lokaci guda sun haura 150, sai a ƙara akwati ɗaya a kan kowane ƙarin mutum 150. Dokar ta hana a saka komai a ciki sai kayan taimakon gaggawa. Ta ce kowane akwati ya kasance a hannun wani mutum takamaimai wanda za a iya samu a duk tsawon lokacin aiki, kuma a liƙa sunansa a kowane ɗakin aiki don kowa ya sani.

Waɗannan sharuɗɗa masu kyau ne, musamman biyun ƙarshe, domin su ne aka fi take wa. Sau da yawa akwatin yana nan, rataye a bangon ofishin manaja, da kwaɗo a jiki, makullin kuma yana aljihun wanda ya tashi tun ƙarfe biyar. Ma'aikatan dare sun san da akwatin, amma a wajensu da shi da babu duk ɗaya.

Sai dai dokar akwati take ƙirgawa, ba ta shiga lissafin mutum nawa ya kamata a horar a kan kowane adadin ma'aikata ba. Shi ya sa masu kula da lafiyar ma'aikata a ƙasashe da dama suke aron ma'aunin hukumar HSE ta Birtaniya, wadda ke aiki da dokar taimakon gaggawa ta ƙasar ta 1981. Ma'aunin ya raba wuraren aiki gida biyu. A wurin da haɗarinsa kaɗan ne, kamar ofis ko kanti ko ɗakin karatu, in ma'aikata ba su kai 25 ba, ya isa a naɗa mutum ɗaya mai kula da akwati da kiran agaji, ko da bai sami horo ba. Daga 25 zuwa 50 ana son aƙalla mutum ɗaya da ya yi horon yini ɗaya. In sun wuce 50, ana son mutum ɗaya mai cikakken horo na kwana uku a kan kowane ma'aikata 100.

A wurin da haɗarinsa ke da yawa kuwa, wato inda ake gini, ko aiki da injuna masu yanka da matsa, ko sinadarai, ko lodi da sauke kaya a sito, lissafin ya fi tsanani. Da zarar ma'aikata sun kai biyar ana son mai horo. In sun wuce 50, mutum ɗaya mai cikakken horo a kan kowane 50, kuma ragowar da ba ta cika 50 ba ita ma ana ba ta nata. Hukumar da kanta ta ce waɗannan alƙaluma shawara ce, ba su ne ƙarshen magana ba, dole kowane mai wurin aiki ya zauna ya auna nasa halin. A Birtaniya ma ke nan, inda motar asibiti ke zuwa in an kira. Wanda ke ƙasar da a-daidaita-sahu ce motar asibitinsa ya kamata ya ɗauki wannan ma'auni a matsayin mafi ƙarancin abin da zai yi.

Lissafin wata masana'antar robobi

A ɗauki misalin masana'antar da ke narka roba tana buga bokitai da kujeru, irin waɗanda suka cika unguwannin masana'antu na Kano. A ce tana da ma'aikata 200, an raba su kashi uku: mutum 100 da safe, har da 'yan ofis, 60 da yamma, 40 da dare. Tana da ɗakin injuna, da rumfar da ake niƙa tsofaffin robobi, da sito a can ƙarshen fili, da ofis a bakin ƙofa. Tana kuma da direbobi masu kai kaya kasuwanni.

In ana bin harafin doka kawai, akwati ɗaya ya wadatar, tunda ba lokacin da mutum 150 ke taruwa a wurin. In kuma manaja ya ɗauki ma'aunin Birtaniya da gaggawa, zai raba 200 da 50 ya ce mutum huɗu zai tura horo. A nan ne kuskuren da aka fi yi yake shigowa. Su wa za a tura? Galibi waɗanda suka iya Turanci, waɗanda ake ganin za su fahimci darasi: akawu, sakatariya, ma'ajin sito, jami'in kula da ma'aikata. Duk huɗun da safe suke zuwa. Ƙarfe biyar na yi sun tafi gida, an bar mutum 100 na yamma da dare a gaban injuna ba mai horo ko ɗaya, alhali takardar da ke cikin fayil tana nuna an cika ƙa'ida.

Lissafin gaskiya kashi-kashi ake yinsa. Masu aikin safe 100 suna buƙatar mutum biyu. Masu aikin yamma 60 su ma biyu, domin goman da suka hau kan 50 ana ba su nasu. Masu aikin dare 40 suna buƙatar ɗaya. Biyar ke nan. Amma wannan ɗayan na dare mutum ne, yana zuwa hutun shekara, zazzaɓi yana kwantar da shi, ana yi masa haihuwa ko rasuwa. Kuma ba abin da ya hana a ce shi ne injin zai kama. Don haka kowane kashi yana buƙatar ƙarin mutum ɗaya na ko-ta-kwana: uku da safe, uku da yamma, biyu da dare. Mutum takwas, ninkin abin da manajan ya fara lissafawa.

Akwai abubuwa biyu da ma'aunin waje bai hango ba, amma duk wanda ya yi aiki a Arewa ya san su. Na farko ranar Juma'a. In masana'anta ba ta kashe injuna lokacin salla, kuma duk masu horon sun tafi masallaci ɗaya a lokaci ɗaya, waɗanda suka rage suna zaune awa guda ko fiye ba kowa. Wannan abu ne da ake warwarewa tun wajen zaɓen waɗanda za a horar da tsara jadawalinsu. Na biyu mata. In akwai mata a sashen tsince ko shirya kaya, a tabbata akwai mace cikin masu horo a kashin da suke aiki. Danna ƙirji ko yanke tufa don a ga rauni abu ne da namiji zai iya tsayawa yana jin nauyinsa a kan mace, kuma wannan ɗan tsayawar tana cin mintocin da ba a da su. A wajen horo ma ya kamata a faɗa wa mazan ƙarara cewa in babu mace a kusa, ceton rai ne a gaba.

Akwatuna kuwa, tambayar da za a yi ita ce: daga inda mutum zai ji ciwo, minti nawa za a yi a ɗauko a dawo? Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, tana ganin a wurin da mummunan rauni zai iya aukuwa, ya kamata taimako ya iso cikin minti uku zuwa huɗu. Da wannan ma'auni masana'antar nan tana buƙatar akwati huɗu, ɗaya a ɗakin injuna, ɗaya a rumfar niƙa, ɗaya a sito, ɗaya a ofis, sannan ƙaramar jaka a kowace motar kai kaya. Ko ɗaya ba a sa masa kwaɗo. Masu wuraren aiki sukan ce in an bar shi a buɗe za a kwashe kayan, kuma ba ƙarya suka yi ba. Maganin wannan shi ne a ɗaure murfin da siririn zaren roba mai tsinkewa da hannu, a riƙa dubawa kowane mako, a kuma cire daga ciki abin da ke jawo kwasar, wato ƙwayoyin magani.

Abin da ke cikin akwatin

Mutane da yawa suna ɗaukar akwatin taimakon gaggawa a matsayin ƙaramin kemis. Buɗe na ofisoshi da yawa, abin da za a tarar shi ne farasitamol, maganin zazzaɓin cizon sauro, man zafi, kwalbar aidin da ta bushe, da dunƙulen audugar da ƙura ta mayar ja. Ba ko ɗaya cikinsu da zai tsayar da jini. HSE ta ba da shawarar kada a ajiye ƙwayoyi ko wani magani a akwatin sam, kuma dalilin a fili yake. Mai taimakon gaggawa ba likita ba ne, bai san wanda ke da gyambon ciki ba, bai san wadda ke da juna biyu ba, bai san wanda wani magani ke tayar wa borin jini ba. Ƙwayar ciwon kai kuma tana iya rufe alamar abin da ya fi ciwon kai girma, ma'aikaci ya koma gaban inji yana jiri.

Jerin da hukumar ta bayar don wurin da haɗarinsa kaɗan ne gajere ne. Akwai takardar bayani mai nuna matakan farko. Akwai filasta 20 masu girma daban-daban, kowace a cikin ledarta. Akwai abin rufe ido guda biyu, da bandeji mai kusurwa uku wanda ake rataye karyayyen hannu da shi, da fil shida na maƙalewa. Sai kuma abin da ya fi komai amfani, wato bandejin rauni mai haɗe da ƙullin ƙyalle mai tsabta a jikinsa, manya biyu da matsakaita shida. Sai safar hannu ta roba aƙalla ƙafa uku. Akwatin kansa kore ne mai farar alamar tarawa, wanda ƙura da ruwa ba sa shiga.

Safar hannun nan ba ado ba ce. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Nijeriya, kuma ta jini yake yaɗuwa, haka ma cutar da ke karya garkuwar jiki. Wanda ke da tsaga a yatsa ya dafa raunin wani da hannu tsirara ya sa kansa a haɗari. Ita kuwa audugar da aka saba gani, ba a ɗora ta kai tsaye a kan buɗaɗɗen rauni ko ƙuna, domin zarenta yana maƙalewa a nama, sai an sha wahala a asibiti kafin a tsince shi.

Wannan jeri na ofis ne. Masana'antar robobi sai ta ƙara gwargwadon abin da ke iya faruwa a cikinta. Rumfar niƙa, inda wuƙaƙen inji ke iya cire yatsu ko datse hannu, tana buƙatar manyan bandeji da yawa, da almakashi mai ƙarfi na yanke tufa, da maɗaurin tsayar da jini na musamman, wanda ke da ɗan sanda da ake murzawa, da ledoji masu tsabta. Ɗakin injuna, inda narkakkiyar roba ke ƙona mutane, babban abin da yake buƙata ba ya shiga akwati: famfo ne mai ruwa a kusa, ko tankin da ba ya bushewa. A majemun zamani irin na Challawa, ko wurin masu cajin batir, ko masu yin sabulu da soda, ruwan wanke ido ne kan gaba. Inda babu famfo, HSE ta ce a ajiye aƙalla lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ko ruwan gishirin asibiti a rufaffiyar kwalba. Lita ɗaya ta fara wanki ce kawai, domin idon da sinadari ya shiga ana kwarara masa ruwa minti 15 zuwa 20 ba tsayawa.

Zafin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci a kan kayan. Akwatin ƙarfe da ke rataye ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu yana gasa abin da ke cikinsa. Danƙon filasta yana narkewa ya daina kamawa, safar hannu tana manne wa juna ta yage da an ja ta. Duk bandejin da ledarsa ta huje ko ta yi rawaya, ko kwanan watan da ke jikinsa ya wuce, ya tashi daga aiki. A liƙa jerin kaya a cikin murfin, mai kula da akwatin ya riƙa bi yana cike gurbin abin da aka ɗauka, ya sa hannu da kwanan wata.

Ƙarfe biyun dare a rumfar niƙa

A koma masana'antar nan. Roba ta toshe bakin injin niƙa, wani matashi ya zura hannu zai ture ta, wuƙa ta cire masa yatsu biyu ta kuma tsaga masa hannu har kusa da gwiwa. Jini yana tsartuwa. Abin da mai horo zai fara yi ba taɓa yaron ba ne, kashe injin ne daga makunninsa, domin kada masu kawo ɗauki su zama na biyu da na uku. Sai ya nuna mutum ɗaya da suna ya ce ɗauko akwati, ya nuna wani ya ce kawo mota bakin ƙofa ko ya kira 112. In aka ce “wani ya kira mota”, kowa zai zaci wani ya tafi.

Ya zura safar hannu, ya kwantar da yaron, ya ɗora babban bandeji a kan raunin ya danna da ƙarfin gaske, ya riƙe. Ba ya ɗagawa don ya leƙa, domin kowace ɗagawa tana ɓarke gudan jinin da ya fara haɗuwa. Mafi yawan raunuka a nan suke tsayawa. In jinin ya ci gaba da ratsowa yana ɓulɓula duk da dannawar, lokacin maɗauri ya yi. Ana ɗaura shi santimita biyar zuwa bakwai sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murza sandan har jinin ya tsaya cak, a rubuta lokacin da aka ɗaura a jikin maɗaurin ko a fatar mutumin. Yana da zafi sosai, yaron zai yi ihu a kwance masa, amma ba a sassautawa sai a asibiti. Maɗaurin da aka ɗaura sako-sako ya fi rashinsa muni, domin yana toshe hanyar komawar jini ya bar ta zuwansa a buɗe, zubar ta ƙaru. Igiya ko waya ko tsinken roba kuma suna yanka nama ne kawai.

Yatsun da suka cire ba a barinsu a ƙasa. A naɗe su a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin wata mai ruwa da ƙanƙara, a tafi da su tare da mai su. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. Ko za a iya mayar da su ko ba za a iya ba, wannan hukuncin likita ne. A hanya mai horon yana lura da yaron. In jikinsa ya yi sanyi yana gumi, leɓɓansa da cikin fatar idonsa sun yi fari, numfashinsa ya yi sauri, ya fara sambatu ko neman ruwa, alamar jinin da ya zuba ya yi yawa ke nan. A bar shi a kwance, a lulluɓe shi, kada a ba shi ruwa ko abinci, domin wataƙila ɗakin tiyata za a wuce da shi. A ƙofar asibiti kuma yana da kyau mai rakiya ya san cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa.

Duk abin da aka zayyana ɗin nan bai ci kayan da suka wuce bandeji biyu, safar hannu, maɗauri da leda ba. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne hannun da ya taɓa gwadawa. Inda babu wannan hannu, mutane ba sa tsayawa kallo, suna yin abin da suka gada ne da kyakkyawar niyya. A gareji ana zuba wa yanka ruwan birki ko baƙin mai. A wurin gini ana cusa ƙasa ko garin siminti. Ƙuna kuma ana shafa mata man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja. Duk waɗannan suna shigar da datti cikin rauni, ƙasa ma tana iya kawo tetanus, siminti kuwa shi kansa yana ƙona nama. Abin da ƙuna ke so shi ne ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, yana kwarara a kanta minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da leda mai tsabta sako-sako. Robar da ta narke ta manne a fata ba a ɓamɓare ta, a sanyaya ta a bar wa asibiti.

Horon da kansa

Horon yini ɗaya, kimanin awa shida, yana koyar da abubuwan da ke kashewa nan take: yadda ake juya wanda ya suma amma yana numfashi a kan gefensa, yadda ake taimakon wanda ya shaƙe, tsayar da jini, da danna ƙirji. Na kwana uku yana ƙara karaya, ƙuna, raunin ido, shan guba, raunin kai da ƙashin baya, da gane alamun bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, asma da faɗuwar sukari. A tsarin Birtaniya takardar shaidar shekara uku take yi, kuma ana son a riƙa ɗan bita kowace shekara, domin hannu yana mantuwa da abin da ba ya yi.

Danna ƙirji ne misalin abin da ba ya koyuwa da karatu. Ƙa'idar mai sauƙin faɗi ce: wanda ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a danna zurfin santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane dannawa 30 a hura masa iska sau biyu in an iya. Amma sai mutum ya durƙusa a kan mutum-mutumin gwaji zai gane irin ƙarfin da ake nufi, da yadda minti biyu ke gajiyar da ƙato, abin da ya sa ake son mutum biyu su riƙa karɓar juna. Duk horon da aka yi a zaune ana kallon majigi, aka raba takardar shaida ba wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa, asarar kuɗi ne. Na'urar farfaɗo da zuciya, wadda ake rubuta AED a jikinta, tana da tsada, amma tana magana tana gaya wa mai amfani da ita abin da zai yi, kuma babbar masana'anta ko babban ofis da ke nesa da asibiti ya kamata su sa ta a kasafinsu.

Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana da rassa a jihohi kuma tana ba da irin wannan horo. A Arewa akwai wata dama da masu masana'antu ba su cika lura da ita ba. Cikin ma'aikatansu ba a rasa 'yan agajin ƙungiyoyin addini, waɗanda suka saba da ɗaukar marasa lafiya a filin Idi da sansanin alhazai, ba sa firgita da ganin jini, kuma abokan aikinsu suna jin maganarsu. Irin waɗannan, in an ƙara musu horon da ya dace da haɗarin wurin, sun fi akawun da aka tilasta wa zuwa. A yi horon da Hausa in ita ma'aikatan suka fi ji.

Ƙananan wurare kuma, mai walda da yaransa shida, ko injin markaɗe, ko gidan burodi, ba sai sun jira sun zama kamfani ba. Masu sana'a ɗaya da ke layi ɗaya suna iya haɗa kuɗi ta ƙungiyarsu su gayyato mai horarwa na yini guda, kowace rumfa ta tura mutum biyu, kowace ta ajiye akwatinta.

Saura littafi. Kusa da kowane akwati a ajiye littafin da ake rubuta duk raunin da aka yi, komai ƙanƙantarsa: wane ne, yaushe, a wane inji, me aka yi masa. In ma'aikaci ya zo neman diyya a ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, wannan rubutu shaida ne a gare shi. Kuma in manaja ya buɗe ya ga inji ɗaya ya yanki mutum huɗu cikin wata biyu, ya san marfin kariya injin yake buƙata, ba ƙarin filasta ba.

Mai karatu da zai fita aiki gobe, ya nemi akwatin wurinsu ya buɗe da hannunsa, ya duba ko akwai babban bandeji da safar hannu masu kyau a ciki. Sannan ya tambayi shugabansa sunan wanda aka horar a cikin waɗanda suke aiki lokaci ɗaya da shi, da sunan wanda ke tsaya masa ranar da ba ya nan. In ba a ba shi suna biyu ba, ya ce a sa nasa cikin waɗanda za a tura horo.